Na miƙa aikin gwaji, kwana 11 shiru: in tuntuɓe su ko in ƙara jira?

*Assalamu alaikum. Na nemi aikin rubuta manhaja a wani kamfani, suka ba ni aikin gwaji in yi a gida: ƙaramar manhaja mai karanta fayil ɗin CSV na odar kaya, ta fitar da jimillar kowace rana. Na ɗora shi a GitHub a rufe, na gayyaci injiniyan da suka ce, sannan na tura wa jami'ar ɗaukar ma'aikata imel ranar Alhamis da dare. Ta ce cikin mako guda za su neme ni. Yau Litinin, kwana 11 ke nan, shiru kake ji. Jiya kuma na gano manhajar tana tsayawa cak idan babu komai a cikin fayil ɗin. In tuntuɓe su? Me zan rubuta? Kuskuren fa, in lallaɓa in gyara shi?*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tuntuɓe su, lokaci ya yi. Amma kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, akwai abin da nake so ka duba, domin ina da zargin cewa aikin naka bai ma kai gaban wanda zai duba shi ba tukuna.

Shiga ma'ajiyar aikin a GitHub, ka danna Settings, sannan Collaborators, ka dubi sunan injiniyan da ka gayyata. Gayyatar da ake tura wa mutum ya shiga ma'ajiya tana mutuwa bayan kwana 7 idan bai karɓa ba. To ka ga, taka ta cika kwana 7 tun Alhamis ɗin da ta wuce. Idan ya karɓa, madalla, za ka ga sunansa a cikin masu izini. Idan kuwa ka tarar da alamar cewa gayyatar tana nan ba a taɓa ta ba, ko ta mutu, to ga dalilin shirun nan a gabanka. Injiniyan ya samu sarari ranar Juma'a, ya danna adireshin da aka tura masa, GitHub ya nuna masa 404 kamar ma'ajiyar ba ta taɓa wanzuwa ba, domin haka yake yi wa duk wanda ba shi da izinin ganin rufaffiyar ma'ajiya. Mai kirki zai gaya wa jami'ar nan take. Mai yawan aiki zai ce "bari in sanar da ita anjima", ya buɗe aikin mutum na gaba, anjimar ta zama mako.

Ba zato kawai nake yi ba, ni kaina na taɓa zama wannan injiniyan. A wani wuri da na yi aiki, an tura mini ayyukan mutum uku in duba, na ga gayyatar ɗaya daga cikinsu a imel ina tsakiyar wani taro, na ce in na fito zan karɓa. Ban sake tunawa ba sai da aka ɗauki kusan mako biyu. Ni ina ganin jami'ar za ta tuna mini, ita tana ganin ina kan dubawa, shi kuma yaron yana can yana ta saƙe-saƙen an yi watsi da shi. Abin da ya warware ƙullin layi biyu ne da ya rubuto: ya lura ba a karɓi gayyatar ba, ya sake turawa. A ranar na duba aikin, kunya ma ba ta bar ni na kai gobe ba.

Don haka idan ta mutu, ka cire ta ka sake gayyatarsa yanzu, ka kuma tabbatar sunan da ka rubuta daidai yake da wanda suka ba ka, harafi da harafi. Bayan nan ka sauko da aikin a sabon wuri kamar kai ne baƙon, ka bi README ɗinka ba tare da ka cike masa gurbi da abin da ka sani a ka ba:

```
git clone <adireshin-ma'ajiya> gwaji
cd gwaji
git log -1 --format="%h %cd"
```

Layi na ƙarshe zai nuna maka lambar `commit` na ƙarshe da ranarsa. Rubuta lambar a gefe, za mu dawo kanta. Kada kuma ka manta da leƙa Spam a imel ɗinka. Kamfanoni da yawa suna tura saƙo ne ta tsarin kula da masu neman aiki irin su Greenhouse ko Lever ko Workday, kuma irin waɗannan saƙonni kan ɓuya a can. Na ga wanda ya yi mako yana fushi alhali gayyatar intabiyu tana kwance a Spam.

Yanzu ga lissafin kwanaki. Kai kana ƙirga 11, su ba haka suke ƙirgawa ba. Abin da aka tura Alhamis da dare ba wanda ya gan shi sai Juma'a da safe. Juma'a ɗaya, Litinin zuwa Juma'ar makon jiya biyar, sun zama shida, yau na bakwai. Makon da ta yi maka alkawari kwanakin aiki 5 ne, ya cika Alhamis ɗin da ta wuce, ke nan sun makara da kwanakin aiki 2 kacal. Wannan ba makarar da za ta tayar da hankali ba ce, amma ta isa ta ba ka hurumin tambaya. Ma'aunin da nake ba mutane ke nan: in an faɗa maka rana, ka bari ta wuce da kwanan aiki 1 ko 2 sannan ka yi magana. In ba a faɗi rana ba, ka jira kwanakin aiki 5 zuwa 7 daga miƙawa. Nawa ma'aunin ne daga abin da na gani, ba doka ba ce rubutacciya. Wanda ya rubuta washegarin miƙawa yana tambayar sakamako ya nuna bai san yadda ake aikin ba, wanda ya yi mako uku bai ce uffan ba kuma sai a ɗauka ya samu wani wuri.

Yana da kyau ka san abin da ke faruwa a ciki, domin shi zai daidaita maka harshe. Jami'ar da kuke magana da ita ba ita ke duba aikin ba. Nata ta miƙa wa injiniya ɗaya ko biyu, su kuwa duba aikin masu neman aiki ɗori ne a kan aikinsu na yau da kullum. Duba aiki irin naka da kyau, a sauko da shi, a kunna, a karanta, a rubuta ra'ayi, kan ci awa guda ko fiye, kuma awa ce da ake sacewa daga wani abin da ke da wa'adi. Sau da yawa ma da gangan ake jira: in mutum biyar aka ba gwajin a ranaku daban-daban, sai a bari na ƙarshe ya miƙa, a jera su a duba tare don a yi adalci wajen kwatantawa. Daga nan ra'ayin ya je wa shugaban sashen da ke neman ma'aikacin, shi ya ce a kira wane, a sallami wane. Idan ɗaya daga cikin mutanen nan uku ya tafi hutu, komai ya tsaya. Jami'ar da kanta tana jira kamar yadda kake jira. Wanda ya rubuto mata da zafi ya bar jaki yana dukan taiki.

Amfanin saƙonka a wurinta shi ne ka ba ta abin da za ta ɗauka ta tura wa injiniyan ta ce, "ga shi ya tambaya, yaushe zan ce masa?" Shi ya sa dole ya zama gajere, ya ƙunshi tambaya guda wadda amsarta rana ce.

A nan mutane ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai tambayar yaushe za a yanke hukunci, akwai kuma neman a gaya maka abin da aka gani a aikinka. Ta farko kowa zai iya amsa ta a layi ɗaya. Ta biyu tana buƙatar injiniya ya zauna ya yi rubutu, kuma kamfanoni da dama ba sa barin a ba da irin wannan bayani dalla-dalla, saboda gudun jayayya ko ƙorafi. Idan ka haɗa su a saƙo ɗaya, mai nauyin ta danne mai sauƙin, jami'ar ta ajiye saƙon sai ta samu duka amsoshin, ka ƙara wa kanka jira. Yau rana kawai za ka tambaya.

Kada ka buɗe sabon imel. Nemo wanda ka miƙa aikin a cikinsa ka danna Reply, don ta ga komai a wuri guda: sunan gurbin, ranar da ka tura, da alkawarin da ta yi, ba sai ka tuna mata da bakinka ba. Ka dai duba adireshin da amsar za ta tafi. In ya fara da noreply, ba mai karanta shi, sai ka sa adireshinta na kanta. Kuma ita kaɗai za ka tura wa. Ka san sunan injiniyan saboda ka gayyace shi, amma kada ka bi shi LinkedIn ko ka neme shi ta bayan fage. Mai duba aiki ba ya son wanda yake dubawa ya zagayo masa, kuma ba shi da ikon yi maka alkawarin komai.

Ga yadda zan rubuta da ni ne, kai kuma ka mayar da shi harshen da kuke magana da shi tun farko:

*Barka da safiya. Ina tuntuɓa ne game da aikin gwajin da na miƙa ranar Alhamis ɗin makon shekaranjiya. Na lura gayyatar GitHub da na tura wa injiniyanku ta mutu ba a karɓa ba, don haka na sake turawa. Ko za ki iya gaya mini ranar da kuke sa ran kammala dubawa? Har yanzu ina son aikin, kuma in akwai abin da ake buƙata daga wurina, a shirye nake. Na gode.*

A maimakon "Alhamis ɗin makon shekaranjiya" ka sa kwanan watan da lamba, ya fi sauƙin nema. In kuma ka tarar an karɓi gayyatar, sai ka cire wannan jimlar baki ɗaya. Kada ka rubuta "na ga ya karɓa", domin yana kama da mai gadi, kuma karɓar gayyata ba ta nuna an karanta aikin. Lura da abin da babu a saƙon. Babu haƙuri uku a jere na "ku gafarce ni da damun ku", ba laifi ka yi ba. Babu "kin ce mako guda", tana gani a ƙasan saƙon. Babu labarin dare nawa ka kwana kana aikin, ko yadda kake matse da buƙatar albashi. Duk gaskiya ne, amma ba ɗaya da zai matso da ranar. Ka tura da safe a lokacin aikinsu, in ba ƙasa ɗaya kuke ba ka duba bambancin agogo. Da ni ne zan bari sai gobe Talata, don safiyar Litinin akwatin imel a cike yake, amma gayyatar GitHub ɗin yau za ka sabunta ta.

Sai maganar kuskuren, wadda a ganina ta fi ta jiran nauyi. Kada ka lallaɓa. Git ba ya rufa asiri: kowane `commit` yana ɗauke da ranarsa, kuma abu na farko da yawancinmu ke buɗewa shi ne tarihin aikin, don mu ga yadda mutum ya yi tunani mataki-mataki. Idan na ga wa'adi Alhamis ne, sannan ga gyara ya shigo bayan kwana 10 ba wanda ya ce mini komai, na daina tunanin fayil ɗin da ba komai a ciki, na koma tunanin amana. Akwai masu dabarar sauya ranar ko su goge tarihin da `git push --force`. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido, domin in injiniyan ya riga ya sauko da aikin, lambobin da ke hannunsa ba za su ƙara dacewa da na ma'ajiyar ba, kuma da ya ja sabon abu zai gane an taɓa. Kuskuren manta fayil marar komai ƙarami ne, kusan kowa na yin irinsa a aikin gaggawa. Ɓoye gyara kuwa kan fitar da mutum daga layi ko da aikinsa ya fi na kowa.

Hanyoyi biyu ne masu tsabta. Ta farko ka bar shi yadda yake, ka shirya bayaninsa. A intabiyun da ke biyo bayan irin wannan gwaji, da wuya a rasa tambayar "da za ka sake, me za ka canza?" Wanda ya ce, "na gano bayan miƙawa cewa in fayil ɗin ba komai manhajar na tsayawa, saboda na ɗauka kullum akwai layin farko, ga yadda zan gyara, ga gwajin da zan ƙara", ya ci wannan tambayar da kyau. Ta biyu ka yi gyaran a reshe na daban, ka bar asalin abin da ka miƙa ba ka taɓa ba:

```
git switch -c gyara-fayil-marar-komai
# yi gyaran a nan, sannan:
git add -A
git commit -m "Gyara matsalar fayil marar komai"
git push -u origin gyara-fayil-marar-komai
```

Sai ka ƙara jimla biyu a saƙon: bayan miƙawa ka lura da matsala idan fayil ɗin ba komai, ka sa gyaran a reshe mai suna kaza, abin da ka miƙa kuwa yana nan a `commit` mai lamba kaza ba a canza ba. Nan lambar da na ce ka rubuta ta yi amfani. Ka ba su zaɓi ke nan, in sun ga dama su duba reshen, in ba su ga dama ba su auna ka da abin da ya shigo cikin wa'adi.

Wacce za ka ɗauka? Koma ka karanta takardar umarnin gwajin. In an ambaci fayil marar komai ko gurɓataccen fayil a cikin abin da ake so manhajar ta jure, to tabbas za su gwada, za su gani, gara ka riga su faɗa, ka ɗauki hanya ta biyu. In ba a ambata ba, kuma manhajar tana aiki daidai da fayil ɗin misalin da suka bayar, ni zan bar shi zuwa intabiyu. Saƙon tuntuɓa da ya cika da bayanin kurakurai yakan ja ido zuwa inda wataƙila ba a kula ba, ya kuma lulluɓe tambayar da ka zo yi. In kuwa umarnin ya ce ƙarara kada a taɓa ma'ajiyar bayan wa'adi, to ko reshen kada ka tura, ka faɗa da baki kawai.

Bayan ka tura, amsar kan zo iri uku. In ta ba ka rana, ka gode mata a layi ɗaya, ka riƙe ranar, ka sake ƙara mata kwanan aiki 1 ko 2 kafin ka motsa. In ta ce "muna kan dubawa, za mu neme ka" ba rana, to ita ma ba ta sani ba. Kana iya amsawa cewa ka gode, za ka sake leƙowa Litinin mai zuwa, ka ga ka sa ranar da kanka ba tare da ka matsa wa kowa ba. Irin wannan amsar in ta maimaitu sau biyu, galibi ɗayan abu biyu ne: ko an dakatar da gurbin, ko akwai wanda ke gabanka a layi suna riƙe da kai sai sun ji ta bakinsa. Na biyun ba mummunan matsayi ba ne, mutane da yawa ta nan suka shiga. In kuma shiru ne gaba ɗaya, ka jira kwanakin aiki 5, ka tura na biyu wanda ya fi na farko gajarta, a cikin zaren imel ɗin nan dai. Daga na biyu ka tsaya. Ban taɓa ganin saƙo na huɗu ya canza hukunci ba, amma na ga ya sa an tuna da mutum ta inda ba ya so.

Abu ɗaya ne ke rushe duk wannan jadawalin, wato in wani kamfanin ya ba ka aiki da wa'adin amsawa. A nan ba jira, ranar za ka rubuta: an ba ka aiki a wani wuri, dole ka amsa kafin rana kaza, kana son nasu, ko za su iya yanke hukunci kafin lokacin? Wannan saƙon ne kaɗai na ga yana sa a duba aiki cikin kwana guda, domin ya ba jami'ar hujjar da za ta tashi injiniya da ita. Amma sai in gaskiya ne. Wanda ya ƙirƙiro tayin ƙarya yana iya jin "to Allah ya sa alheri, ka karɓi nasu", ya tashi ba tsuntsu ba tarko. In kuma tayin na gaske ne, suka kasa ba ka amsa kafin ranar, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Neman bayanin abin da aka gani a aikinka sai bayan hukunci ya fito. In ba su ɗauke ka ba, ka amsa cikin kwana 1 ko 2 tun injiniyan bai manta da aikin ba, kuma ka ƙunƙunce tambayar. "Me ya sa ba ku ɗauke ni ba?" ba ta samun amsa, don tana kama da buɗe shari'a. Ka ce: in mai dubawar zai nuna abu ɗaya da ya fi rage wa aikin daraja, tsarin rubutun ne, ko gwaje-gwajen, ko bayanin README? Ra'ayinsa yana nan a rubuce a tsarinsu tun ranar da ya duba, jami'ar layi ɗaya kawai za ta ciro ta turo maka, in dokar wurin ta ba ta dama.